Yadda ake kewaye garka da giriyaji: turaku, kusurwa da ƙofa

Duk wanda ya taɓa noman rani a ƙasar Damagaram ya san ba rana ce kaɗai ke cinye garka ba, akuya ma tana ci. Shingen ƙaya da darnin kara suna aiki, amma kowace shekara sai an sabunta, ƙayar ma yanzu sai an yi tafiya kafin a samo ta. Shi ya sa mutane suka koma ga giriyaji, wato ragar waya. Na kafa irin wannan shinge a garake da dama, daga fadamun Mirriya zuwa jigayin da ke kan hanyar Magarya, kuma abin da na fahimta shi ne ragar ba ita ke riƙe kanta ba. Turakun kusurwa da wayoyin ja su ke ɗauke da nauyin duka, ragar rataye take kawai kamar zane a kan igiyar shanya. In kusurwa ta tsaya, shinge ya tsaya. In ta karkata, ko sabuwar raga ce, cikin damina ɗaya za ka ga ta yi ciki.

Zan yi bayanin da misalin garka mai tsawon mita 50 da faɗin mita 30, da ƙofa ɗaya mai faɗin mita 3 wadda amalanke zai iya shiga. Kewayenta mita 160 ke nan. In taka ta fi haka ko ba ta kai ba, lissafin ɗaya ne, adadi kawai za ka canza.

Kayan da za ka tanada

Na farko turaku. Abin da aka fi amfani da shi a nan shi ne korniyar, ƙarfen nan mai kwana kamar harafin L. Ana sayar da shi sanda-sanda mai mita 6, kowace sanda ta ba ka turke uku masu mita 2. Ka tafi da mitarka wurin saye, domin wata sandar ba ta cika mita 6 ba, kuma wata kaurinta bai kai abin da aka faɗa maka ba. Turakun tsakiya korniyar 40, wato mai faɗin milimita 40, mai kaurin milimita 4 ta isa. Na kusurwa kuwa sai korniyar 50 mai kaurin milimita 5.

In ka bar tazarar mita 2 da rabi tsakanin turke da turke, mita 160 za su ci turke 64. A cikinsu 4 na kusurwa ne, 2 na ƙofa, 2 kuma na ƙarfafawa ne waɗanda za su tsaya a tsakiyar kowane dogon gefe, saboda bai kamata a ja waya fiye da mita 25 zuwa 30 ba tare da ta sami turke mai ƙarfi ba. Sauran 56 su ne na tsakiya. Bayan su akwai tokari, wato ƙarfen da ake jinginawa a karkace ya tokare turke: biyu a kowace kusurwa, biyu a kowane turken ƙarfafawa, ɗaya a kowane turken ƙofa. Jimla 14, kowanne mita 2. Saboda haka korniyar 40 za ka sayi sanda 24 domin turakun tsakiya da tokari, korniyar 50 sanda 3 domin turakun kusurwa da na ƙarfafawa da za a yanka mita 2 da santi 20, sai bututun ƙarfe mai faɗin milimita 80 sanda ɗaya domin turakun ƙofa, kowanne mita 2 da santi 40.

Giriyaji yawanci nadi ɗaya mita 25 ne, tsayinsa mita ɗaya da rabi. Garkarmu za ta ci nadi 7, ragowar ta rufe ƙyauren ƙofa. A nan ne ake yawan cutar sabon shiga. Ka duba kaurin wayar da aka saƙa ragar da ita, kada ta gaza milimita 2, kuma ta zama farar waya mai rufin da ke hana tsatsa. Ka kama ido ɗaya na ragar ka matse da yatsu biyu. In ya lanƙwashe ba wahala ya ƙi komawa yadda yake, bar shi. Idon ragar ya zama santi 5 ko 6. Mai manyan idanu ta fi araha, amma ɗan akuya zai cusa kai ya maƙale, kaji kuma su wuce abinsu. In a wurin masu saƙawa da hannu za ka saya, sa a warware nadi ɗaya a gabanka a auna.

Sai wayar ja, farar waya mai kauri kamar milimita 3. Layi uku za a ja, sama da tsakiya da ƙasa, don haka ka nemi mita 500. Kowane layi yana son tander, ɗan ƙarfen nan da ake murɗawa ya ɗaure waya. Shingenmu ya kasu yanki 7, wato daga turke mai tokari zuwa na gaba, kowane yanki tander 3, jimla 21. Ka haɗa da siririyar farar waya ta ɗauri, da rodi mai lamba 8 ko 10 da za a zura a bakin raga, da jan fenti mai hana tsatsa. Siminti ka tanadi buhu 20 zuwa 22, da yashi mai tsabta da tsakuwa.

Kayan aiki ba su da yawa: mita mai tsawo, igiyar magina, ƙananan turaku na icce, dagi, diga, shebur, baro, awartaki, filaya, guduma, sifana, da nibo na magina. In babu nibo, ɗaura ɗan dutse a zare, zai nuna maka tsaye daidai.

1. Tabbatar da iyaka

Kada ka haƙa rami ko ɗaya sai ka kira maƙwabtan gonarka sun tsaya an bi iyaka tare, a gaban mai gari ko ƴan kwamitin kula da filaye na garinku, wanda ake kira Kofo. Shingen ƙaya in an yi kuskure ana jan shi baya da hannu, amma turken da aka zuba wa kankare sai an fasa. In gonarka tana bakin burtali ko hanyar mashaya, ka tabbatar ba ka ci ko taku ɗaya ba. Ni nakan ja da baya kamar rabin mita daga kan iyaka, don in sami wurin bi ta waje in na zo gyara ba tare da na taka shukar wani ba.

Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne bayan kaka, cikin sanyin hunturu. Gona ta zama fili, kankare kuma ba ya bushewa da gaggawa kamar a tsakiyar bazara.

2. Fitar da kusurwa da jan igiya

Kafa ɗan turken icce a kusurwa ta farko, ka ja igiya zuwa ta biyu. Don kusurwar ta fita daidai, auna mita 3 a kan igiyar farko ka yi alama, auna mita 4 a kan igiyar da ta tafi ɗaya gefen ka yi alama, sannan ka auna tsakanin alamun biyu. In ya ba ka mita 5 cif, kusurwa ta daidaita. In bai kai ba ko ya wuce, matsa igiya ta biyu har sai ya yi. Bayan ka fitar da huɗun, auna daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a gicciye. A garkarmu kowane gicciye zai ba da kusan mita 58 da santi 30, kuma dole biyun su zo ɗaya.

Gonakinmu da yawa ba murabba'i ba ne, iyakarsu tana lanƙwasa yadda aka gada. Ba laifi. Abin da za ka riƙe shi ne duk inda layin shinge ya karya, ko kaɗan ne, wurin kusurwa ne, yana son turke mai kauri da tokarinsa. Kada ka yi ƙoƙarin zagaya lanƙwasa da turakun tsakiya, wayar ja za ta kwantar da su ɗaya bayan ɗaya.

Share ƙasan igiyar faɗin mita ɗaya, ka daidaita tudu da kwari gwargwadon iko. Sannan ka yanke sanda mai mita 2 da rabi ka bi igiyar da ita kana sa alamar rami. A gefen da ƙofa take, fara fitar da mita 3 na ƙofar, ragowar mita 27 ka raba su gida 11, tazarar za ta ɗan ragu kaɗan.

3. Shirya ƙarfe kafin ya je gona

Wannan aikin a gari ake yinsa, wurin mai walda, domin a gona babu wuta. Ya yanka turakun, ya huda kowanne wuri uku inda wayar ja za ta bi: santi 3 daga sama, santi 75 daga sama, sai mita ɗaya da santi 45 daga sama. A huda turke ɗaya a mai da shi ma'auni ga sauran, don ramukan su zo layi ɗaya. A gindin kowane turke a tsaga ƙarfen a buɗe shi kamar ƙafar kaza, ko a liƙa guntun rodi a gicciye. Wannan ne ke hana a zare turke daga cikin kankare, ko ɓarawo ko sa mai susa. Turakun kusurwa da tokarinsu a huda su yadda za a haɗa da ƙusa mai noti a gona.

Bayan haka a goge tsatsa a shafa jan fenti sau biyu. Wurin da ƙarfe ke fara ruɓewa shi ne daidai inda ya fito daga ƙasa, nan za ka fi cika fentin.

4. Haƙa ramuka

Na turakun tsakiya faɗin santi 30, zurfin santi 50. Na kusurwa da na ƙarfafawa faɗin santi 40, zurfin santi 70. Na ƙofa faɗin santi 50, zurfin santi 80. Gindin rami ya ɗan fi bakinsa faɗi, ba akasin haka ba. Ramin da ya yi baki kamar ƙwarya yana haifar da kankare mai kama da turmi, wanda da an ja sai ya juya.

Ƙasar Damagaram ba iri ɗaya ba ce. A jigawa rairayi yana zubowa yana cike ramin tun kana haƙa. Maganinsa ka zuba bokitin ruwa a kan kowace alama da yamma, ka zo da sassafe ka haƙa, bangon ramin zai tsaya. In duk da haka yana rushewa, cire gindin tsohon bokiti ko babban gwangwani ka sa a ciki ya riƙe bangon ramin, ka ƙara zurfin da santi 10. A kewayen birnin Zinder kuwa, inda duwatsu suke, kana iya cin karo da falalen dutse a zurfin taƙi ɗaya. In turken tsakiya ne, matsar da shi gaba ko baya kaɗan a kan igiya, ba abin da zai ɓaci. In kusurwa ce ba ta matsuwa: share dutsen, sassaƙe fuskarsa da guduma da kurfi ya yi kaushi, ka kafa katako kewaye ka zuba kankare mai faɗi wanda ya taso sama da ƙasa, ka rage tsawon turken daidai da haka.

5. Kusurwa da tokarinta

Kusurwowi ake fara kafawa, da turakun ƙarfafawa da na ƙofa. Kwaɓin kankaren shi ne buhun siminti ɗaya, baro ɗaya da rabi na yashi, baro biyu da rabi na tsakuwa. A juya su a bushe har launi ya zama ɗaya kafin a sa ruwa, kuma ruwan kada ya yi yawa. Kwaɓin ya tsaya a kan shebur, kada ya zuba kamar kunu.

Sa ɗan fallen dutse a gindin rami, tsayar da turken a kai, santi 70 a ƙasa, mita ɗaya da rabi a sama. Zuba kankare kashi-kashi kana soka shi da rodi don iska ta fita. Duba tsayuwar turken ta fuska biyu, gaba da gefe, domin turke yana iya yin daidai ta nan ya karkace ta can. A ƙarshe tara kankaren ya ɗan taso sama da ƙasa ya gangara kamar murfin tukunya, don ruwan sama kada ya kwanta a jikin ƙarfe.

Tokari kuwa a cikin layin shinge yake kwanciya, ta gefen da waya za ta ja turken. Kusurwa ana janta ta fuska biyu, shi ya sa take da tokari biyu, kowanne yana bin gefe ɗaya. Kansa ya kama turke a tsayin kamar mita ɗaya da santi 10 daga ƙasa, gindinsa ya sauka kamar mita ɗaya da santi 40 daga gindin turken, ya shiga ƙasa santi 30 cikin nasa kankaren. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗaura tokari can ƙasa, a tsakiyar turke, sai saman turken ya lanƙwashe a kan tokarin. Wani kuma ya kafa shi a tsaye sosai kusa da turke, sai jan waya ya riƙa ɗaga turken sama maimakon ya danne shi. Kwanciyarsa ta zama rabi tsakanin tsaye da kwance.

Garkar farko da na kewaye, ta wani kawuna ce a fadama. Muka yi ƙoƙarin rage kuɗi, muka sa tokari ɗaya kawai a kusurwar gabas, muka kuma ja waya kwana uku da zuba kankare saboda salati ya fara tasowa kuma awaki suna zagaye. Ina murɗa tander na sama sai na ji ƙasa ta yi ɗan motsi a ƙarƙashin ƙafata. Da na duba, wata siririyar tsaga ta buɗe a bayan kankaren, kamar kaurin ɗan yatsa. Kawu ya ce, "Ɗana, ai kaɗan ne, bar shi." Na bari. Hadarin farko na damina da ya taso daga gabas ya kwantar da kusurwar, raga ta kwanta mita goma sha. Sai da muka fasa kankaren muka sake, da sabon siminti da tokari biyu. Tun daga ranar, in na ga irin wannan tsaga a bayan turke, nakan saki waya nan take.

6. Turakun tsakiya

Bayan kwana biyu, ɗaura igiya biyu tsakanin turakun kusurwa, ɗaya a sama ɗaya kusa da ƙasa. Kowane turken tsakiya ya zo ya ɗan taɓa igiyoyin biyu ba tare da ya tura su ba, kansa ya yi daidai da igiyar sama. Fuskar korniyar mai santsi ta dubi waje, domin a waje za a rataya raga. Dabba in ta tura, sai ta tura ragar a kan turke, ba ta ɓalle ta daga jikinsa ba. Buhu ɗaya yana cika rami huɗu. In siminti ya yi maka kaɗan, jefa manyan duwatsu masu tsabta cikin kankaren waɗannan ramuka, za ka rage buhu huɗu ko biyar. A kusurwa da ƙofa kuwa kada ka yi wannan tsimi.

Daga nan sai haƙuri. A riƙa yayyafa wa kankaren ruwa safe da yamma, a rufe shi da tsohon buhu ko ciyawa, har kwana 7 kafin a ja waya ko ɗaya.

In ba ka da halin korniyar, icce ma yana yi. Kirya ta fi kowanne jure gara, amma ba a sare ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji, kuma ta yi wuya. Turare da dogon yaro sun fi samuwa, sai dai ba su kai kirya jure gara ba. A ɓare ɓawon, a bar iccen ya bushe, a babbaka gindin da zai shiga ƙasa har ya yi baƙi. Wasu suna shafa baƙin man mota, amma kada a yi haka kusa da rijiya. Turken icce ba ya son a kulle gindinsa cikin kankare, ruwa yana taruwa ya ruɓar da shi. A cika ramin da tsakuwa da jar ƙasa a daddage da taɓarya. Ko da sauran duk icce ne, shawarata kusurwowi da ƙofa su zama ƙarfe. A kwaruruka masu kanwa irin na wajen Gidimuni kuma ƙarfe ne ke shan wahala, can gara a ɗaga kankaren taƙi guda sama da ƙasa, ko a zuba turakun siminti masu rodi a ciki.

7. Jan waya

Ɗaura tander uku a turken kusurwa da guntuwar waya. Ɗauki wayar ja daga ɗaya ƙarshen yankin, ka nannaɗe ta a turke sau biyu ka murɗe, ka zura ta cikin hudojin turakun tsakiya har ta iso tander. Wurin warware nadin waya a riƙa juya nadin, kada a zaro ta daga gefe, in ba haka ba takan yi ƙulli, kuma duk inda ta ƙulle nan take tsinkewa. Fara ɗaure ta ƙasa, sannan ta tsakiya, sannan ta sama, kaɗan-kaɗan, kana zagawa kana duba kusurwa. Ta ɗauru in ka buga ta da yatsa ta yi ƙara, in ka danna tsakanin turke biyu ta motsa kamar faɗin yatsa biyu. Kada ka tsaya da fuskarka a kan layin wayar lokacin murɗawa.

In babu tander, naɗa ƙarshen wayar a jikin dagi, ka tokare dagin da turke ka ja, wani ya murɗe ta da awartaki. Tana ɗauruwa, sai dai in ta saki bayan shekara ba ka da abin ƙara mata.

8. Rataya raga

Zura rodi a tsaye cikin idanun bakin ragar, ka ɗaure rodin a turken kusurwa wuri huɗu ko biyar. Rodin ne ke raba ja ga tsayin ragar duka. In ka ɗaure idanu kai tsaye, wasu su ja wasu su saki. Tsayar da nadin, mutum biyu su riƙa mirgina shi ta wajen shinge, na uku yana rataya saman ragar a wayar sama da ɗauri sakwa-sakwa. In nadi ya ƙare, kada ka ɗora wani a kai ka ɗaɗɗaure. Warware waya ɗaya daga bakin sabon nadin, ka haɗa bakunan biyu, ka murɗa wayar daga sama tana shiga idon wannan da na wancan har ƙasa. In an yi daidai ba mai gane mahaɗin.

Da kun iso turke mai tokari, zura wani rodin kamar mita ɗaya kafin turken, ku ɗaura igiya a samansa da ƙasansa ku ja tare. Ja ya isa in idanun suka buɗe daidai kuma ka matse da hannu ka ji tauri. In idanun suka fara miƙewa tsayin ragar yana raguwa, kun wuce. A kowace kusurwa yanke ragar ka ƙare ta da rodi, ka fara sabuwa a ɗaya gefen. Zagaya kusurwa da raga ɗaya yana da sauƙi, amma ba ta ɗauruwa.

Sannan a bi a ɗaure ta a wayar sama duk santi 30, a ta tsakiya duk rabin mita, a ta ƙasa duk santi 30, bakin ɗaurin yana juyawa ciki.

Ƙasan raga shi ne inda akuya ke gwadawa. Ba tsalle take fara yi ba, goga jikinta take yi a raga tana tafiya har ƙasan ya ɗaga, sannan ta durƙusa ta sa kai. Don haka kada a bar ko faɗin tafin hannu tsakanin raga da ƙasa. Mai hali ya jera bulo layi ɗaya a ƙarƙashi ya kama bakin ragar da siminti. Wanda bai da shi ya lanƙwasa guntayen rodi kamar ƙugiya, tsawon santi 40, ya kafa biyu tsakanin kowane turke da turke su danne wayar ƙasa, ya jera duwatsu. Inda ruwa ke ratsa gona da damina kuma, ciyawa da kara suna taruwa a raga su zama madatsa har ruwan ya ture shingen. A irin wurin a yi ɗan yankin raga daban, da turke mai ƙarfi kowane gefe, wanda za a iya kwancewa ko ya tafi shi kaɗai.

9. Ƙarfen gicciye

Ba dole ne a sa ƙarfen kwance a saman shinge duka ba, wayar sama ta wadatar, kuɗinsa kuma da yawa. Inda nake sa shi wurare ne da ake yawan jingina ko tsallakawa: tazara biyu ko uku a kowane gefen ƙofa, da gefen da ke kallon hanyar shanu. Korniyar 30 ta isa, a haɗa ta da kan turaku da ƙusa mai noti, a ɗaure saman raga a jikinta. A shingen icce kuma sandar turare ce ake kwantarwa, mahaɗin sanda biyu ya faɗo a kan turke, ba a tsakiyar fili ba.

10. Ƙofa

Sa mai walda ya gama ƙyauren tun kafin ka kafa turakun ƙofa, sai ka auna tazarar da ƙyauren a hannu, da pomel ɗinsa, wato maƙalan da yake juyawa a kai. Faɗin mita 3 a raba shi ƙyaure biyu. Ƙyaure ɗaya mai mita 3 yana da nauyin da zai sunkuyar da turke. Kowane ƙyaure ya sami ƙarfe a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa. In na katako ne, karkataccen ya tashi daga ƙasa ta gefen pomel ya hau zuwa sama ta gefen kwaɗo.

Turken ƙofa yana shan ja biyu, raga tana jansa baya, ƙyaure yana jansa gaba. Tokari yana maganin na farko. Na biyu kuwa, haƙa ɗan lambatu tsakanin turakun biyu, faɗi da zurfi santi 20, ka sa rodi biyu ka zuba kankare ya haɗe gindinsu. Wannan dandamalin ya hana su sunkuyar da kai ga juna, ya kuma hana ƙafar amalanke cin ƙasa har rami ya buɗe a ƙarƙashin ƙofa. A tsakiyarsa binne guntun bututu inda sakatar ƙasa za ta shiga. Tsakanin ƙyaure da dandamali kada ya wuce santi 5. A toshe saman bututun turakun da farantin ƙarfe ko siminti don ruwa kada ya shiga, a kuma juya pomel na sama ya dubi ƙasa, yadda ba mai iya ɗaga ƙyauren ya cire shi da dare. In akwai fili a waje, ƙofar ta buɗe waje, ta yadda dabba in ta tura sai ta ƙara rufe ta.

Bayan wata ɗaya zagaya da sifana ka ƙara wa kowane tander juyi ɗaya ko biyu, domin sabuwar waya tana saki. Kada ka bari a rataya zana ko tabarma a jikin raga don kare iska, kuma kada kabewa ko soso su lulluɓe ta, domin da zarar idanunta sun toshe iskar hadari za ta same ta kamar bango. In kana son abin tare iska, shuka aguwa ko dakwara ta ciki, mita ɗaya daga ragar, da farkon damina.